Neman tallafin rasuwa da kuɗin asibiti a wurin aiki: yadda ake kafa hujja da littafin ƙa'idoji

Tambaya: Mahaifina ya rasu mako biyu da suka wuce, bayan ya yi kwana tara a asibiti. Jinyar ta ci naira 410,000, a ciki na ranto 250,000 a hannun abokai. Shekarata huɗu a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, albashina 140,000. A littafin ƙa'idojin da aka ba mu akwai babin walwalar ma'aikata da ya yi maganar rasuwa da rashin lafiya, amma ina jin nauyi, kada a ce na mai da mutuwar mahaifina hanyar roƙo. Ta yaya zan nema, me kuma zan rubuta?

Amsa:

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, ya ba ku haƙurin rashi. Allah ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da ka yi.

Ɗan'uwa, na shafe fiye da shekara ashirin a ofishin kula da ma'aikata, kuma irin takardar da kake shirin rubutawa ta sha biyowa ta teburina. Abin da na fi gani yana ɓata wa mutane lamari shi ne wannan nauyin da kake ji. Mai jin nauyi yakan yi ɗaya daga cikin abu biyu. Ko dai ya yi shiru har wa'adin nema ya wuce, ko kuwa ya cika shafi biyu da labarin halin da ya shiga, ya rufe da "a taimaka mini da abin da ya sawwaƙa". Takarda irin wannan tana sosa ran mai karanta ta, amma akanta ba shi da gurbin da zai shigar da ita. Babu adadi, babu sashen da aka dogara da shi, babu shaida. Sai manaja ya sa hannu a aljihunsa ya ba da dubu ashirin, magana ta mutu a nan, alhali mai yiwuwa akwai dubu ɗari da kamfani ya riga ya rubuta da hannunsa cewa zai ba duk wanda irin wannan rashi ya same shi. Abin da aka rubuta a littafin ƙa'idoji wani ɓangare ne na ladan aikinka, kamar hutun shekara. Ba ka taɓa jin kunyar cike fom ɗin hutu ba, to wannan ma haka ne.

Kafin ka ɗauki biro, ka buɗe babin nan ka karanta shi a tsanake, jimla bayan jimla. Abu na farko da za ka nema kalma ɗaya ce. Shin sashen ya ce kamfani "zai biya", ko ya ce "zai iya biya"? Littafin da Turanci aka rubuta shi, amma bambancin yana nan a fili: akwai kalmar da ke ɗora wajibi, akwai wadda ke ba da zaɓi, kuma sau da yawa ta biyun tana tafe da wani ƙari kamar "idan hukumar gudanarwa ta ga dama" ko "gwargwadon halin da kamfani yake ciki". Idan "zai biya" ne, kuma an faɗi adadi, to hakkinka kake karɓa, kuma takardarka sanarwa ce da ke tafe da shaida. Idan "zai iya" ne, to alfarma kake nema a cikin wata ƙofa da su da kansu suka buɗe, kuma salon rubutun ya bambanta. A yawancin littattafan da na gani, tallafin rasuwa yana zuwa da tsayayyen adadi, shi kuwa taimakon jinya ana barin sa a hannun shugabanni. Don haka kusan tabbas buƙatu biyu gare ka, masu ƙarfi daban-daban.

Abu na biyu shi ne su wa littafin ya kira iyali, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. Mu a wajenmu baffan da ya riƙe ka uba ne, kishiyar mahaifiyarka uwa ce, ɗan yayanka da ke gidanka ɗa ne. Littafin kamfani bai san wannan ba. Yakan lissafa mata ko miji, 'ya'yan cikinka, da iyayen da suka haife ka, wani lokaci ma ya ce mace ɗaya da aka yi wa rajista a fayil. Kai mahaifi ne ya rasu, don haka a sashen rasuwa da wuya ka sami matsala. Amma ka duba sashen jinya da kyau, domin sau da yawa jerin sunayen da ke can ya fi gajarta. Kamfanoni da yawa sun kwaikwayi tsarin inshorar lafiya na ma'aikata da hukumar NHIA ke kula da shi, wanda ya ɗauki ma'aikaci, da abokin zamansa ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki sai an yi musu rajista ta daban an biya ƙari. Idan littafinku ya bi wannan sawu, kada ka rubuta cewa kamfani ya wajaba ya biya kuɗin asibitin Baba. Za a nuna maka sashen, a ce ka yi kuskure, kuma kuskuren zai raunana har buƙatar da kake da gaskiya a kanta.

Sai sauran sharuɗɗa, waɗanda ba sa ɗaukar lokaci amma suna yanke hukunci. Wa'adin nema: na ga inda aka ce kwana talatin daga ranar rasuwa, na ga inda aka ce wata uku. Ka riga ka ci mako biyu, don haka wannan shi ne layin da za ka fara dubawa yau. Matsayinka: wasu littattafan na waɗanda aka tabbatar da su a aiki ne kaɗai. Ka duba takardar kama aikinka da takardar albashi, ka ga sunan wane kamfani ne a sama. Akwai mutane da yawa da ke aiki a masana'anta ko banki shekara da shekaru, amma wani kamfanin kwangila ne ya ɗauke su, kuma a takarda shi ne ubangidansu. Mai irin wannan matsayi idan ya kafa hujja da littafin wurin da yake zuwa kullum, za a ce masa ba nasa ba ne. Sannan ka tabbatar littafin da ke hannunka shi ne na yanzu. Wanda aka ba ka shekara huɗu da suka wuce mai yiwuwa an sake shi, kuma da yadda kaya suka yi tsada, adadin ma wataƙila an ƙara. Ka tambayi ofishin ma'aikata bugu na ƙarshe, tambaya ce da ba ta da wani nauyi.

Bari in faɗa maka inda doka ta tsaya, don kada wani ya zuga ka ka shiga ofis da ƙarfin da ba ka da shi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta tilasta wa mai kamfani ya ba da kuɗin ta'aziyya ba, ba ta kuma ware hutun rasuwa ba. Kwana 12 na rashin lafiya da sashe na 16 ya ba ma'aikaci a shekara da albashi, na ciwon shi kansa ma'aikacin ne, da shaidar likita, ba na jinyar wani ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, ta shafi rauni ko ciwo ko mutuwar da aiki ya jawo. Inshorar rai da dokar fansho ta 2014 ta wajabta, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, ana biyan ta ne idan ma'aikacin da kansa ya rasu. Babu ɗaya a cikinsu da ta taɓa halin da kake ciki. Ƙarfinka duka yana cikin littafin nan, shi kuma littafin yana samun ƙarfinsa ne daga takardar kama aikinka. Idan a cikinta an ce sharuɗɗan aikinka suna ƙarƙashin littafin ƙa'idojin ma'aikata, ko ka sa hannu a takardar karɓarsa, to alkawarin da ke ciki ya shiga yarjejeniyar da ke tsakaninku. Ka nemo wannan layin ka ajiye a ranka. Ba sai ka ambace shi a takardar farko ba.

Wani abu a gefe, tunda na ambaci fansho. Idan Baba ma'aikaci ne har ya rasu, ko yana da asusun fansho na tsarin karo-karo, to akwai hakkin magada a can, kuma yakan fi duk abin da muke magana a kai yawa. Wannan hanya ce daban, ta wurin aikinsa da kamfanin fanshonsa, kuma tana buƙatar takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Ku tattauna da 'yan'uwanka kada a manta da ita.

Yanzu shaidu. Mu muna binne mamaci a ranar da ya rasu, babu mai tunanin takarda a wannan rana, kuma haka ya dace. Amma kamfani ba ya fitar da kuɗi sai da takardar da mai binciken kuɗi zai gani a ƙarshen shekara, ko da manaja da kansa ya halarci jana'iza. Tunda a asibiti Baba ya cika, ka koma can da katinsa ko lambar fayil ɗinsa, ka nemi takardar shaidar rasuwa da likita ya sa wa hannu. Yawancin kamfanoni ita suke karɓa. Idan naku ya nace sai ta hukuma, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke rajistar mutuwa, tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi, kuma takardar asibitin ce za ka kai musu. Wanda nasa ya rasu a gida yakan fara da wasiƙar mai unguwa ko dagaci, ya haɗa da takardar rantsuwa daga kotu.

Da ka karɓi takardar, ka duba sunan da aka rubuta tun kana tsaye a wurin. Wannan ƙaramin abu ya riƙe kuɗin mutane watanni a gabana. Da yawa daga cikinmu sunan da ke bin namu a takardun makaranta na kaka ne, ko na gari, ko na wanda ya riƙe mu. Sai ga takardar asibiti ɗauke da sunan da ba ya kama da na ma'aikaci ta ko'ina, ko an rubuta laƙabin da aka fi sanin marigayin da shi. Jami'in da ke duba takardar ba mugunta yake yi ba idan ya tsaya, ba shi da abin da zai nuna cewa wannan mamacin mahaifinka ne. Ka tuna abin da ka cike a fom ɗin bayanan iyali ranar da ka kama aiki. Idan sunan ya dace da na takardar asibiti, shi ke nan. Idan bai dace ba, ka haɗa da takardar haihuwarka ko ta shaidar ƙaramar hukuma da ke ɗauke da sunan mahaifi, ko ka yi takardar rantsuwa, ka kuma yi bayanin bambancin da layi ɗaya a cikin wasiƙar kafin a tambaye ka.

Rasit kuwa, ka tattara duk abin da ke hannu: na gado, na gwaje-gwaje, na magani, na jini idan an saya. Ka yi musu hoto ko kwafi yau, domin irin siririyar takardar nan da na'ura ke fitarwa rubutunta yana gogewa cikin 'yan makonni, musamman a aljihu da zafi. Na san ba duka 410,000 ɗin ke da rasit ba. An aiki yaro kemis da tsakar dare, an biya mota, an sayi abinci. Inda ka biya ta tiransifa, bayanan asusunka na banki shaida ne. Inda babu komai, ka bar shi a waje. Idan abin da ke da takarda ya tsaya a 330,000, to 330,000 za ka rubuta, ka ce akwai sauran da ba su da rasit. Ina roƙon ka kada ka bari wani ya "gyara" maka rasit don ya cike giɓin. Na taɓa zama a kwamitin da ya binciki wani ma'aikaci, mutumin kirki, wanda da gaske matarsa ta yi jinya, da gaske ya kashe kuɗin, amma ya ɓatar da takardun, sai wani ya rubuto masa sababbi. Lambobin rasit ɗin a jere suke alhali ranakunsu sun yi nisa da juna, akanta ya lura, aka kira asibitin. Aikinsa ya tafi a kan kuɗin da bai kai albashinsa na wata biyu ba. Har yau abin yana damuna, domin da ya zo ya ce takardun sun ɓace, da an sami hanya.

To, mu zo kan rubutun. Shawarata ita ce takarda biyu, kowace da buƙatarta. Dalili shi ne hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ta hakki jami'in ma'aikata zai duba ta, ya ga ta cika sharaɗi, ya tura wa akanta. Ta alfarma sai ta hau sama, wataƙila sai kwamiti ya zauna. Idan ka haɗa su a takarda ɗaya, mai saurin za ta zauna jiran mai nawa, kuma idan aka ƙi ta biyun, sau da yawa takardar gaba ɗaya ake mayarwa fayil.

Mu ƙaddara littafinku ya ce a sashe na 9.2 kamfani zai ba da naira 100,000 idan mahaifi ko mahaifiyar ma'aikaci ta rasu, a sashe na 9.4 kuma ya ce hukumar gudanarwa za ta iya taimaka wa ma'aikacin da wata babbar larura ta same shi. Lambobin nan misali ne, ka sa na gaskiya daga littafinka. Takarda ta farko za ta tafi ga shugaban sashen ma'aikata, ta hannun shugabanka na kusa, da kwanan wata, da cikakken sunanka, lambar aikinka da sashenka. Kanun ya zama: neman tallafin rasuwa bisa sashe na 9.2 na littafin ƙa'idojin ma'aikata. Jikinta kuma bai wuce haka ba:

"Ina sanar da kamfani rasuwar mahaifina, wanda ya rasu ranar kaza a asibiti kaza. Bisa sashe na 9.2 na littafin ƙa'idojin ma'aikata, wanda ya tanadi naira 100,000 ga ma'aikacin da ya rasa mahaifi ko mahaifiya, ina neman a biya ni wannan tallafi. Na haɗa da kwafin takardar shaidar rasuwa da kwafin takardar haihuwata. Ina godiya da ta'aziyyar da shugabanni da abokan aiki suka yi mini."

Idan da Turanci ake rubutu a ofishinku, ka juya ta haka nan, kada ka ƙara mata ado. Babu "ina durƙusawa", babu "ku dubi Allah". Ladabi yana cikin gaisuwa da godiya da bin hanyar da ta dace, kuma ya wadatar.

Takarda ta biyu ita ce ke buƙatar tunani. A nan wanda zai sa hannu yana da tambayoyi a ransa da ba zai furta ba: nawa ne, me ya sa wannan ya cancanta, kuma idan na ba shi, me zan ce wa na gaba? Ka amsa masa su. Ka faɗi kwanakin jinya da jimillar abin da ke da rasit. Ka nuna abin da ka ɗauka da kanka: cikin 410,000, kai da 'yan'uwa kun biya 160,000 daga aljihu, 250,000 bashi ne. Ka nuna cewa tallafin rasuwa idan ya fito zai rage bashin zuwa 150,000, wanda ya fi albashinka na wata guda. Sannan ka nemi adadi ƙarara: "Ina neman hukumar gudanarwa ta duba yiwuwar taimaka mini da naira 150,000, ko wani ɓangare nata, bisa sashe na 9.4." Ka faɗi gaskiya cewa ka san sashen zaɓi ya ba su, kuma ka san inshorar lafiyar kamfani ba ta ɗauki iyaye ba, shi ya sa ka biyo ta nan. Wannan jimla tana da amfani ƙwarai, domin tana nuna ka karanta littafin, tana kuma ba manaja dalilin da zai rubuta a gefen takarda. Shekarunka huɗu ka ambace su sau ɗaya. Kada ka kawo sunan wani abokin aiki ka ce ai an ba wane kaza. Ko gaskiya ne, ka jefa shi cikin matsala, ka kuma sa shugaba ya fara kare kansa maimakon ya duba buƙatarka.

Akwai hanya ta uku, wato adibas, bashin da ake cirewa daga albashi. Da gangan na ce kada ka sa shi a takarda ta biyu. Duk shugaban da aka ba zaɓi tsakanin kyauta da rance a shafi ɗaya, rance zai zaɓa, don shi ne ba ya taɓa kasafin kamfani. Ka bari sai an amsa maka. Idan an ba ka 50,000 daga cikin 150,000, ko an ce babu, sannan ka nemi adibas a kan abin da ya rage. A nan Dokar Ƙwadago ta yi magana: sashe na 4 ya ce adibas ba zai wuce albashin wata ɗaya ba, ba za a karɓe shi cikin ƙasa da wata uku ba, kuma ba a ɗora masa ruwa. Sashe na 5 ya ce jimillar abin da ake cirewa daga albashi a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Dokar ta fi shafar leburori da ma'aikatan ofis na ƙasa, ba ta haɗa da manyan jami'an gudanarwa da ƙwararru ba, amma kamfanoni da yawa da ita suke auna kowa. Ka yi lissafin da kanka kafin ka sa hannu. Idan ka karɓi 140,000 aka raba wata uku, kusan 46,700 za a riƙa cirewa, ka koma gida da abin da bai kai 94,000 ba, a daidai lokacin da wataƙila nauyin gidan Baba ya dawo kanka. Idan ka karɓi 120,000 aka raba wata shida, 20,000 ne a wata. Wata uku ƙasan iyaka ne, babu abin da ya hana a tsawaita, don haka ka nemi shida, kuma a rubuta adadin da watan farawa da na ƙarewa a takardar da za ka riƙe kwafinta.

Kada ka manta da asusun da ba na kamfani ba. Idan a takardar albashinka ana cire wani abu duk wata da sunan walwala, ko ƙungiyar ma'aikata, ko ƙungiyar adashi da rance, to can ma akwai tanadi, da nasu dokokin da nasu sakataren, kuma kuɗinku ne da kuka tara. Karɓar na can ba ya soke na kamfani sai idan an rubuta haka. Wannan ya kawo ni ga wani ruɗani da ke yawan faruwa. Abokan aiki sun zo zaman makoki, an miƙa maka ambulan, an ce "ga wannan daga ofis". Daga baya ka kai takarda, wani ya ce ai an riga an ba ka. Ka tambayi wanda ya miƙo ambulan ɗin, cikin natsuwa, ko karo-karon abokan aiki ne ko daga asusun kamfani ya fito. Idan na kamfani ne, akwai takardar biya a ofishin akanta da adadinsa, sai a cire shi daga 100,000 a ba ka saura. Idan karo-karo ne, alherin 'yan'uwa ne, bai taɓa hakkinka ba.

Wajen miƙawa, ka fara yi wa shugabanka na kusa magana baki da baki kafin ya ga takarda. Minti biyar sun isa: ka gode masa, ka ce za ka nemi abin da sashe kaza ya tanada, kana so ta bi ta hannunsa. Shugaban da aka tsallake yakan riƙe takarda ba don komai ba sai don an tsallake shi. Ka yi kwafi biyu na komai, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka. Idan ta imel ake yi, ka tura daga adireshinka na aiki, ka ajiye kwafi a wayarka. Asalin takardar rasuwa kada ta bar hannunka, ka nuna ta a gani, ka ba da kwafi, domin za ku buƙace ta a banki da kotu wajen rabon gado. Ka tambayi ranar da ake rufe lissafin albashin wata, don a wurare da yawa irin wannan kuɗi tare da albashi yake fita, kuma takardar da ta makara da kwana ɗaya sai wata mai zuwa. A wannan zaman kuma ka daidaita maganar kwanakin da ba ka zo aiki ba, na jinya da na makoki. Ka ga nawa littafin ya ba da na rasuwa, sauran a cire daga hutun shekararka a rubuce, don kada ka karɓi tallafi da hannun dama a yanke maka albashi da na hagu.

Bayan mako guda ka leƙa ka tambaya a teburin wa takardar take. Wannan tambayar ta fi "yaya maganata?" amfani, don tana da amsa. Idan kuɗin ya shigo, ka duba takardar albashin watan da na bayansa. Na ga inda aka shigar da tallafi a matsayin rance bisa kuskure, aka fara cirewa, mai shi bai lura ba sai bayan wata uku.

Idan aka ƙi ta alfarmar, ka karɓa, ka yi godiya, ka koma kan adibas, don ba su saɓa wani alkawari ba. Idan kuwa ta hakkin aka ƙi, ko aka yi shiru fiye da wata guda, ka rubuta tunatarwa gajera, ka ambaci ranar da aka karɓi ta farko, ka nemi a sanar da kai a rubuce wane sharaɗi ne bai cika ba. Sau da yawa wannan kaɗai ke fito da kuɗin, domin babu jami'in da ke son ya sa hannu a kan cewa kamfani ba zai bi littafinsa ba. In bai yi ba, littafin yana da babin koke, ka bi matakansa, kuma idan kuna da ƙungiyar ƙwadago ka sanar da wakilinku. A wajen kamfani akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke sasanta irin wannan, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ke da hurumin shari'ar aiki. Amma a kan naira 100,000, kana kuma cikin aikin, ni ba zan ba ka shawarar ka wuce matakin koke na cikin gida da ƙungiya ba. Ka adana kwafin takardunka masu hatimi, domin duk ranar da za ka bar wurin, kuɗin yana cikin abin da za ka lissafa a biya ka.

Su kuma abokan da suka ranta maka, ka kira su cikin makon nan ka gaya musu ka shigar da takarda, kuma ka fi sa ran kashi na farko a ƙarshen wata mai zuwa. Idan 100,000 ɗin ta fito, ka fara da wanda ya fi matsuwa a cikinsu.